Tambayoyi da amsoshi kan rubuta sharhin asibiti ba tare da tona sirrin mara lafiya ko kama sunan ma'aikaci ba

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin kati na wani ƙaramin asibitin kuɗi, wato nice wadda za ka fara tararwa in ka shigo, ni zan buɗe maka fayil in ce ka zauna a jira likita. Daga wannan kujerar na ga abubuwa da yawa, na ga marasa lafiya da aka ɓata wa rai da gaskiyarsu, na kuma ga ma'aikatan da aka zaga a Facebook kan abin da ba su suka yi ba. Yanzu kuma mutane sun koyi duba Google Maps kafin su ɗauki mara lafiya su nufi wani wuri, toh abin da ka rubuta wani zai yi aiki da shi da tsakar dare yana riƙe da yaro jikinsa zafi rau. Shi ya sa na tattara tambayoyin da ake yawan yi mini kan wannan, na amsa iya abin da na sani.

In ba zan faɗi ciwon da ya kai ni ba, toh me ya rage da zan rubuta?

Kusan komai ya rage. Ka tuna lokacin da kai kanka kake neman asibitin da za ka je, me kake son sani? Ba ciwon wani kake tambaya ba, so kake ka ji ko akwai likita da daddare ko sai an kira shi a waya ya taso daga gida, nawa ne kuɗin buɗe kati, ana karɓar taransifa ko sai tsabar kuɗi, ɗakin gwajinsu yana aiki ko tura ka za su yi waje ka tsallaka titi da mara lafiya, in an ɗauke wuta suna tada janareta ko da fitilar waya ake nemo jijiya. Waɗannan su ne kayan sharhi, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar ka ce ga abin da ke damunka.

Ni abin da nake ce wa mutane shi ne su bi tafiyarsu daga ƙofa zuwa ƙofa. Ƙarfe nawa ka iso, minti nawa ka yi kafin a ba ka kati, daga kati zuwa ganin likita awa nawa, an auna maka jini da zafin jiki kafin ka shiga ko ba a auna ba, likita ya saurare ka ya yi maka bayani da yaren da kake ji ko rubutu kawai ya yi ya miƙo maka takarda, maganin da aka rubuta akwai shi a wurinsu ko babu, an ba ka rasit, an faɗa maka yaushe za ka dawo. Sai kuma tsafta, musamman banɗaki da ruwa, da ko akwai labule ko ƙofa a inda ake duba mutum, don akwai wuraren da za ka ji likita yana tambayar wani abin da ko matarsa bai faɗa wa ba alhali kana zaune a benci kana jin komai. Wannan ma abin rubutawa ne, kuma mata musamman suna son sanin ko akwai mace da za ta duba su.

Ka sa adadi a duk inda za ka iya. "Sun daɗe ba su kula mu ba" bai gaya mini komai ba, don daɗewar wani minti 20 ce ta wani kuma awa 4. Amma in ka ce mun iso wajen 9 na safe ranar aiki muka ga likita wajen 12, kowa ya san abin da zai shirya masa. Haka kuɗi, ka faɗi adadin ka kuma faɗi watan da shekarar, tunda farashi yanzu ba ya zama wuri ɗaya.

Ni fa ciwona ne, ba na jin kunyarsa, ina ruwan wani in na faɗa?

Haƙƙinki ne, babu dokar da ta hana ki faɗin naki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma'aikata da asibiti ta ɗaure da riƙe sirrin mara lafiya, haka dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, masu riƙe da bayanan wasu take magana a kansu. Amma kafin ki danna ki tura, ki san inda rubutun zai zauna. A Google Maps sharhi galibi yana fita ne da sunan da ke kan akawun ɗinki da hoton da kika sa, kuma wanda ya taɓa sunan yana iya ganin sauran wuraren da kika yi wa sharhi, wato makarantar yaranki da shagon da kike sayayya da unguwar da kike yawan zuwa. Abin ba ya tafiya kamar sitatus na WhatsApp da ke ɓacewa bayan awa 24, yana nan shekara da shekaru.

Kuma a wajenmu ciwo ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Kika rubuta cewa kina da sikila ko kina ganin likitan ƙwaƙwalwa, toh gobe in an zo binciken auren ƙanwarki ko 'yarki wani zai ɗauko shi ya ce ai a gidan nan akwai kaza. Ba daidai ba ne mutane su yi haka, ina jin zafin abin sosai, amma suna yi. Ga kuma masu tallan maganin bogi da ke bin irin waɗannan rubuce-rubucen su shigo wa mutum ta saƙo da alkawarin warkewa cikin sati biyu. In kin yi tunanin duk wannan kika ga har yanzu kina son faɗa don ki ƙarfafa wa masu irin lalurar gwiwa, wannan shawararki ce kuma ina girmama ta, kawai kar ya zama fushi ne ya fitar da shi daga bakinki ranar da kika dawo daga asibiti.

Ban ambaci sunan ciwo ba ko sau ɗaya, ta ina za a gane?

Nan ne mutane suka fi faɗawa. Sunan magani kaɗai ya isa. Ka ce ba su da metformin, duk wanda ke da mai ciwon suga a gida ya gane. Ka ce an bar ka kana jiran karɓar maganin wata uku a ɗakin da ke can baya, mutanen garin sun san wane ɗaki ne da kuma su wa ke zuwa can. Asibitoci da yawa suna ware rana ga kowane ɓangare, ranar masu awo daban, ranar masu hawan jini da suga daban, ranar masu tarin fuka daban, toh in ka rubuta ranar da ka je da ɓangaren da ka zauna ka riga ka faɗi ciwon ko da ba ka kira sunansa ba. Sunan gwaji ma haka, da sunan likitan da kowa ya san abu ɗaya yake dubawa.

Misali a Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ana duba ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Saurayi ya je ya yi, ya dawo ya rubuta cewa wurin yana da sauri amma sai da suka ce shi da wadda zai aura su dawo a sake zama da su a ba su shawara. A ganinsa bai faɗi komai ba, amma duk wanda ya san an sa masa rana zai fara lissafin me aka gani da har aka ce su dawo, kuma ba shi kaɗai ya jefa cikin bakin mutane ba, har da yarinyar da ba ta san ma ya rubuta ba.

Dabarar ita ce ka hau mataki ɗaya sama. Maimakon sunan magani ka ce "ɗaya daga cikin magunguna 3 da aka rubuta babu shi a wurinsu". Maimakon sunan gwaji ka ce "gwajin jini, sakamako ya fito bayan awa 2". Maimakon ranar 14 ga wata da ƙarfe 2 na dare ka ce "cikin watan jiya da daddare". In ɓangaren ba mai nuna wani abu ba ne, kamar haƙori ko ido ko rigakafin yara, faɗinsa yana da amfani don mai karatu ya san wane sashe kake nufi. Kafin ka tura ka karanta shi kamar kai ne maƙwabcinka mafi son bin diddigi, ka ga me zai iya haɗawa.

Ba ni ce mara lafiyar ba, mahaifiyata na kai, zan iya rubutawa?

Za ki iya rubuta abin da ke kika gani a matsayin mai jinya, layi da kuɗi da tsafta da yadda aka yi muku magana. Ciwon Mama kuwa nata ne, sai ta yarda, kuma yarda ta gaskiya, wato ki gaya mata cewa duniya ce za ta karanta ba 'yan gida ba. Ko "mahaifiyata" ma ba dole ba ne, ki ce "na raka wata 'yar uwa" ya wadatar, don sunanki yana sama, kika ce mahaifiyata kin nuna mutum ɗaya tak a duniya. Yara kuma ba sa iya ba da izini, toh ke ce mai tsare musu, abin da kika rubuta kan ɗan shekara 4 zai iya tarar da shi yana da 20. Wanda ya rasu ma yana da iyali da mutunci, a bar masa sirrinsa.

Wata nas ta yi mini wulaƙanci a gaban mutane, don me ba zan kama sunanta kowa ya san halinta ba?

Na yarda an yi miki, ba na musu, na sha ji da kunnena ana yi wa mai naƙuda tsawa kuma har yau abin yana damuna. Ban ce ki yi shiru ba. Abin da nake cewa sunan ki kai shi inda zai yi aiki, a sharhi kuma ki rubuta abin da ya faru.

Dalili na farko, sau da yawa ba ki san ko wacece ba. A asibiti mai jinya yana kiran kowace mace mai farin kaya nas, alhali wata ma'aikaciyar lafiya ta al'umma ce, wata ɗaliba ce da ta zo koyon aiki, wata mai taimakawa ce a ɗaki. A wurin da na yi aiki an taɓa rubuta zagi kan wata abokiyar aikina da suna, wai ita ta bar mara lafiya ruwa ya ƙare jini ya hau roba, alhali a daren tana gida ba ita ke aiki ba, sunanta kawai mai rubutun ya ji ana kira da safe lokacin canjin aiki. Sati biyu ba ta iya zuwa biki ko suna a unguwarsu ba, har gidan surukanta maganar ta kai. Wanda ya rubuta ya goge daga baya, amma hoton rubutun ya riga ya zaga gurup-gurup.

Na biyu, abin da kika gani a hannun mutum ɗaya sau da yawa daga sama ya taso. Mai karɓar kuɗi ba shi ya yanka farashi ba. In nas ɗaya aka bari da gado 15 da daddare, jinkirin zuwanta laifin wanda ya tsara aikin ne. In an shigar da wanda ya zo bayanki, yana iya yiwuwa alfarma ce, yana kuma iya yiwuwa an ga numfashinsa ko jininsa ya nuna ba zai iya jira ba, kuma ba za su tsaya su yi miki bayanin ciwonsa ba. In kika rubuta "wance muguwa ce", mai asibiti zai kira ta ya yi mata faɗa ko ya sallame ta ya ɗauko wata ya sake barinta da gado 15. In kika rubuta "da daddare ma'aikaciya ɗaya ce a ɗakin gaba ɗaya, mun kira sau 3 cikin minti 40 kafin a zo", kin sa yatsa a kan abin da shi ne zai gyara.

Na uku, ba ta da bakin kare kanta. Aikinta ya hana ta fito fili ta ce ga abin da ke cikin fayil ɗinki, toh kin yi magana a wurin da ita ba ta da ikon amsawa. Kuma ki kula, siffantawa ma kama suna ne. "Doguwar nan mai gilashi da ke ɗakin haihuwa" ko "likitan da ba Bahaushe ba" a asibiti mai likita 2 daidai yake da rubuta sunansa. Ƙabila da addini da garin mutum kam ko kusa kar su shigo, ba su da alaƙa da aikin kuma suna iya jawo wa mutum abin da ba ki yi nufi ba.

Ki nuna mana misali, yaya rubutun da ya ɓaci yake, yaya kuma gyararren?

Toh a ce wata ta raka matar yayanta da daddare, ta dawo ranta a ɓace ta rubuta kamar haka:

"Wallahi kar kowa ya je asibitin nan, mahauta ne. Daren Laraba na kai matar yayana tana zubar da jini cikin wata 3, nas wance baƙar nan mai kiba ta ƙi taɓa ta sai mun biya, likitan ma bai san aikinsa ba shi ya sa cikin ya zube, ɓarayi kawai, Allah ya isa."

Ku duba abin da wannan ya yi. Ya sanar da duniya cewa matar yayanta ta yi ɓari, abin da wataƙila ko dangin miji ba a gama gaya wa ba. Ya kama mutum da suna da siffa. Ya yanke hukuncin cewa likita ne ya jawo zubewar cikin, alhali ɓari a watanni ukun farko yana yawan faruwa ne saboda matsalar da ke tattare da halittar cikin tun farko, kuma sau da yawa babu abin da likita zai yi ya tsayar da shi. Sannan wanda ya karanta bai ƙaru da komai ba sai cewa wata ta yi fushi, bai san minti nawa aka jira ba, bai san nawa aka nema ba. Ga yadda zai fi:

"Na raka wata 'yar uwa da daddare cikin watan jiya, lalurar gaggawa ce. Mun iso wajen 11, aka ce sai an biya kuɗin kati 3,000 da ajiyar 20,000 kafin a fara komai, kuma na'urar cirar kuɗinsu ba ta aiki, sai da na fita neman mai POS, wannan ya ci kusan minti 30 tana zaune ba a auna ta ba. Babu likita a wurin, kiransa aka yi, ya iso bayan kamar awa ɗaya. Da ya zo ya yi mana bayani a natse da Hausa kuma ya amsa tambayoyinmu. Ɗakin da tsafta, akwai wuta duk dare, banɗaki babu ruwa. Yadda aka yi mana magana a wurin karɓar baƙi bai yi mini daɗi ba, an ɗaga mana murya a gaban mutane da muka nemi a fara dubata. Mai zuwa da daddare ya taho da tsabar kuɗi, ya kuma kira ya tabbatar akwai likita. Ina roƙon masu asibitin su riƙa fara duba mai lalurar gaggawa kafin maganar kuɗi."

Wannan na biyun ya fi na farkon ciwo ga mai asibiti, don ba zai iya cewa ƙarya ne ko haushi ne ba, kuma ya taɓo abu mai nauyi, tunda sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Ta faɗi tsawar da aka yi musu, ba ta ɓoye ba. Ta faɗi abin kirkin da ta gani, wanda shi ke sa mai karatu ya yarda da sauran. Matar yayanta kuma ba wanda ya san me ya same ta.

In ina ganin likita ya yi kuskure a magani ko a aiki fa, shi ma in yi shiru?

Kar ka yi shiru, amma ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. "Ba a tambaye ni ko akwai maganin da jikina ba ya karɓa ba kafin a yi mini allura" abu ne da ka gani, kana iya rantsuwa a kai. "Sun ba ni maganin da ba daidai ba" hukunci ne da sai wani likitan ya duba fayil zai iya yanke shi. Rashin samun sauƙi ba shi ke nuna an yi kuskure ba, kamar yadda samun sauƙi ba ya nuna an yi komai daidai. Ko da wani likita a wani asibitin ya ce maka "wa ya ba ka wannan?", kar ka ɗauko maganarsa ka liƙa a sharhi, bai ga abin da na farkon ya gani a ranar ba, kuma in magana ta yi zafi ba lallai ya tsaya maka ba. In abin ya kai ga rasa rai ko nakasa ko cin zarafi, ya wuce sharhi gaba ɗaya, takardar ƙorafi yake buƙata, kuma abin da ka zuba a fili cikin fushi yana iya raunana maka ƙarar daga baya.

Toh ina zan kai sunan, wa zai saurare ni?

Ka fara daga cikin gida, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin ko shugaban asibitin, kuma a rubuce, ka riƙe kwafi. Sashe na 30 na dokar 2014 ɗin ya ba kowa damar kai ƙorafi kan yadda aka yi da shi a asibiti a kuma bincika. A asibitocin gwamnatin tarayya akwai teburin SERVICOM da aka kafa don irin wannan. In asibitin kuɗi ne a Kano, hukumar PHIMA ce ke sa musu ido, sauran jihohi kuma galibi ma'aikatar lafiya ta jiha ce ke yi musu rajista. In kan aikin likita ne kansa, majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ce ke ladabtar da likitoci da likitocin haƙori, kuma tana karɓar ƙorafi ne da takardar rantsuwa, ma'aikatan jinya da ungozoma kuma suna da tasu majalisar, NMCN. Akwai kuma kundin haƙƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ta hannun hukumar kare masu sayayya, wadda yanzu ake kira FCCPC, a ciki akwai haƙƙin a yi maka bayani da yaren da kake ji, da haƙƙin sanin kuɗin da za a caje ka dalla-dalla, da haƙƙin sirri da na kai ƙorafi.

A can ne ake son duk abin da na ce ka cire daga sharhi: cikakken suna in ka tabbatar da shi, rana da lokaci, lambar kati, rasit, kwalin magani, wanda yake wurin ya gani. Ka rubuta su a takarda tun ranar, don bayan sati ɗaya ƙwaƙwalwa tana haɗa dare biyu ta mai da su ɗaya. Ba zan ce maka kowane ƙorafi ake bi da sauri ba, wani sai ka yi ta sintiri, amma nan ne kaɗai ake iya ɗauko fayil da jadawalin aiki a ga wanda yake bakin aiki a daren.

Da gaske za a iya kama mutum kan sharhi?

Ana yi. A 2023 an kama wata mata a Legas kan abin da ta rubuta a Facebook game da wani tumatirin gwangwani, maganar ta kai kotu. A Arewa ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code, sashe na 391 da 392, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 2 ko tara ko duka biyun, ban da ƙarar neman diyya. Ba don in tsorata kowa na kawo wannan ba, mai gaskiya yana da damar faɗin abin da ya same shi. Amma kalmomi irin su ɓarayi, mahauta, likitan bogi, sun kashe, kowace ɗaya zargin laifi ce da za a ce ka kawo hujja. "Na biya 20,000 ba a ba ni rasit ba duk da na nema" kuwa magana ce da za ka iya tsayawa a kanta ko a gaban wa. Kuma kar ka rubuta abin da aka ba ka labari kamar kai ka gani.

Hoto da bidiyo fa?

Hoton gini daga waje, allon farashi, lokutan aiki da aka liƙa a bango, waɗannan suna taimako. Cikin ɗakin jira ko ɗakin kwanciya kuwa a'a, don bayanka akwai fuskar wani da bai gaya wa kowa ya zo asibiti ba. Rasit da takardar gwaji da katin asibiti suna ɗauke da suna da shekaru da lambar fayil da sunan gwajin, wani lokacin har sa hannun ma'aikaci, kuma ɗan zanen da ake yi a kai da yatsa ba ya rufewa sosai, in an ƙara haske ana karantawa. Ka kwafe adadin kuɗin da hannu kawai. Ɗaukar ma'aikaci bidiyo a ɓoye a watsa kuma shi ne kama suna mafi muni.

In yabo ne, zan iya faɗin sunan likitan?

Ya fi sauƙi, amma ki tambaye shi tukuna, wasu ba sa so, musamman mata ma'aikata da ba sa son baƙi su riƙa zuwa nemansu da suna. Ki kuma tuna in likitan sananne ne a fanni ɗaya, yabonsa ya faɗi abin da ya kai ki. Yabo ma a yi shi da bayani, "ya bar ni na gama magana, ya zana mini yadda zan sha maganin a takarda" ya fi "likitan kirki ne" amfani nesa ba kusa ba.

Taurari nawa zan ba su in wani abu ya yi kyau wani bai yi ba?

Ka ba da abin da ya dace da tafiyar gaba ɗaya, 3 ba laifi ba ce. Tauraro 1 ka ajiye shi ga wurin da da gaske ba za ka bar ɗan uwanka ya je ba. Kuma kar ka tara 'yan gida kowa ya shiga ya ba da 1 alhali mutum ɗaya ne ya je, Google yana iya cire irin wannan in an kai rahoto, yana kuma sa a daina yarda da naka na gaskiyar.

Na riga na saka da suna da komai tun jiya, yanzu ya zan yi?

Ki gyara yanzu, kar ki jira. A Google Maps ki shiga sharhin naki ki taɓa ɗigo ukun da ke gefe, za ki ga "Edit review" da "Delete review". Ki cire sunan ma'aikaci da siffarsa, ki cire ciwo da magani da ainihin ranar, ki sauke hotunan takardu, sauran ki bar shi in gaskiya ne. In a gurup kika saka ki goge ki kuma roƙi waɗanda suka tura gaba su goge, duk da wanda ya riga ya ɗauki hoton rubutun ba ki da iko da shi. In sirrin wani kika fitar, ki je ki gaya masa da bakinki kafin ya ji a waje, ki nemi afuwa.

Wani lokacin kuma asibitin ne zai zo ƙarƙashin sharhinki ya mayar da amsa yana cewa ai kin zo ranar kaza da ciwo kaza kuma ba ki sha magani yadda aka ce ba. Wannan su suka karya doka, ko da ke kika fara magana, don sashe na 26 na dokar lafiya ta 2014 bai ba su damar buɗe fayil ɗinki a fili ba saboda kin soke su. Kar ki biye musu a nan kuna musayar magana, kowace amsa ƙarin bayani take fitarwa. Ki ɗauki hoton amsar tasu da kwanan wata, ki kai rahotonta ga Google, ki rubuta wa shugaban asibitin ki nemi a cire, in sun ƙi ki haɗa hoton cikin takardar da za ki kai wa hukumar da ke sa musu ido da kuma NDPC, hukumar kare bayanan mutane da dokar 2023 ta kafa.